Merv Mai Filasta

A garinmu, idan ka ce Merv Tolhurst, sai an tsaya tunani kafin a gane wa kake nufi. Ka ce Merv mai filasta, ko 'yar makarantar firamare za ta nuna maka tsohuwar a-kori-kurarsa a gindin bishiyar mangwaron filin zari-ruga. Gajeren mutum ne mai tumbi, ƙafafunsa sirara cikin gajeren wando rani da damina, da hular kulob wadda rana ta cinye launinta tun ina yarinya. A ƙugunsa akwai jakar fata cike da naɗin filasta da almakashi da kwalbar man bishiyar turare. Ɗan yatsansa na tsakiya na hannun dama kuwa a miƙe yake ƙyam, ba ya lanƙwasa, kuma da shi yake nuna mutane idan yana ba su ilimin da ba shi da shi.

Ni sunana Narelle. Ni ce mai gashin hannu a asibitin garin, wato duk wanda aka yi wa tiyata a hannu can babban asibiti na bakin teku, wurina ake turo shi in koya wa yatsun motsi. A garin da rabin mazansa wuƙa suke riƙewa a mayanka, sauran rabin kuma suna fama da wayar shinge da shanu, ba na rasa aiki. Na san Merv tun kafin in san hagu da dama, shi ya sa ba zan yi masa kara ba.

An haife shi a bayan layin dogo, ya bar makaranta da wuri, ya shiga mayanka kamar ubansa. Yana da shekara ashirin da 'yan kai wuƙa ta kama shi a gindin wannan yatsa, ta yanke jijiyoyin da ke lanƙwasa shi. Likitan wancan zamani ya ɗinke, ya zuba masa simintin asibiti tun daga gwiwar hannu har kan farce, ya ce a dawo bayan wata guda. Haka ake yi a lokacin, ban ga laifin likita ba. Da aka fasa simintin, yatsa ya fito a sandare, kuma haka ya zauna har yau. Mai hankali zai ce aikin bai yi ba. Merv kuwa sai ya mai da abin lambar yabo. A bakinsa, shi ne mutumin da ya yi haƙuri bai motsa ba, shi ya sa ba a guntule masa yatsa ba. Labarin kuma kullum ƙiba yake yi. Da ina ƙarama jijiya biyu ce ta yanke, da na shiga sakandare ta zama hannu gaba ɗaya, yanzu wai har ƙashin ma ya gani da idonsa, shi kuwa yana ta shan tabarsa.

Da yake ba ya iya riƙe wuƙa sosai, aka mai da shi wankin daɓe, daga nan ya zame ya zama mai ɗaure 'yan wasa a kulob. Babu wanda ya koya masa. Ya tarar da jakar wani da ya mutu, ya rataya, shi ke nan. Kuma a kulob irin namu maganar mai filasta ta fi ta koci nauyi, domin koci yakan zo ya tafi, shi kuwa yana nan tun kakanni. Idan ya ce ka koma fili, ka koma. Idan ya ce ba sai ka je asibiti ba, zuwanka asibiti cin fuska ne. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a ɗaure tam, kada a motsa. Na tabbata da za a kai masa mai ciwon zuciya, ƙirji zai naɗe masa.

Yayana Dale yana cikin waɗanda suka sha wannan magani. A wani wasa ya cafki rigar wani ƙato, ƙaton ya fizge, Dale ya ji wani abu ya tsinke a ɗan yatsansa na zobe. Jijiyar da ke lanƙwasa kan yatsa ce ta ɓalle daga ƙashi, ta ja da baya ta shige tafin hannu. Irin wannan idan ba a kamo ta an mayar cikin mako guda ko ɗan fiye ba, ta tafi ke nan. Merv ya duba ya ce targaɗe ne, ya haɗa yatsan da na kusa ya naɗe, ya ce a gama kakar wasa tukuna. Dale ya gama kakar wasa. Yau shekara ashirin, gaɓar ƙarshe ta yatsan nan ko ƙwabo ba ta ɗauka. Amma duk Kirsimeti sai Dale ya kai wa Merv katan na giya, wai don ya kula da shi yana saurayi.

Kada a ce ban faɗi alherinsa ba. Merv ba mugu ba ne, kuma wannan shi ne abin haushin. Da mugu ne da tuni an kore shi. Lokacin da mayanka ta fara ɗauko ma'aikata daga tsibirai, Merv ne ke tarbarsu a tashar bas, ya nemo musu katifa da tukwane, ya kai su kanti, ranar Asabar ya sa musu rigar kulob. Su kuwa mutane ne masu girmama furfura. Suka ɗauke shi uba, suna kiransa Baba, shi ma ya shiga tafiya yana buɗa hannuwa kamar ya haife su.

Cikinsu wanda ya fi shiga ransa shi ne Tevita Fonua, mutumin tsibirin Tonga, ɗan shekara talatin da wani abu, ƙato mai sanyin murya. A ɗakin cire ƙashi yake, inda ake bin gefen saniya da wuƙa ana raba nama da ƙashi tun safe har la'asar. Matarsa Mele tana ɓangaren ƙunshe nama. Takardar zamansu a ƙasar nan a jikin aikin Tevita take rataye, aikin kuma a jikin yatsunsa. Idan ba ya iya damƙe wuƙa, in kwantiragi ya ƙare ba za a sabunta ba, sai gida.

Wata safiya yana riƙe da wuƙa tsininta ƙasa, yadda suke riƙewa idan za su bi ƙashin ƙugu. Ƙotar ta yi santsi da kitse, tsini ya daki ƙashi ya tsaya cak, hannu kuma bai tsaya ba. Ya zame kan kaifi. Ƙaramin yatsa da na zobe na hannun dama suka yanke a gaɓar farko, kusa da gindi. Ciwon a ido ɗan ƙarami ne, ko jini bai yi yawa ba. Amma da aka ce ya dunƙule hannu, yatsu uku suka naɗe, biyu suka tsaya suna kallon sama.

Washegari Dakta Pham ta yi masa aiki a bakin teku. Ta kira ni a waya bayan ta fito, kamar yadda ta saba. Jijiya huɗu duk sun yanke, biyu a kowane yatsa. Da yake hannun a dunƙule yake lokacin da wuƙa ta shiga, bakin jijiyoyin bai tsaya daidai da yankan fata ba, sai da ta buɗe yatsun ta kamo na gaba can wajen gaɓar tsakiya, na baya kuma ta jawo su daga tafin hannu. Ta ɗinke na cikin da zare ribi huɗu ta tsakiya, ta bi gefe da siririn ɗinki don bakin ya yi sumul. Jijiyoyin ji sun tsira.

"Ɗinkin yana da ƙarfi, Narelle," in ji ta. "Kumburi na sauka ki fara motsa shi. Mutumin kirki ne, duk abin da na ce sai ya ce to."

Kwana huɗu bayan nan Tevita ya shigo ɗakina, Merv na biye da shi da makullin mota a hannu. Ban gayyaci Merv ba. Ya ja kujera ya zauna kamar shi ya gina asibitin.

"'Yar Keith, ashe ke ce a nan har yanzu," ya ce, don da sunan babana yake kirana. "Ina fata kin san abin da kike yi. Wannan ɗana ne."

"Sannu Merv. Ga kujera a waje, akwai fanka."

"Nan ma ya yi."

Na kwance bandejin, na wanke, na narka roba a ruwan zafi na gyara ta a bayan hannun Tevita tun daga damtse har kan yatsu: wuyan hannu a miƙe, gindin yatsu a ɗan tanƙware, yadda ko cikin barci ba zai iya miƙe su ya fizge ɗinki ba. Sannan na kama lafiyayyen hannunsa na zana masa da biro, kamar yadda nake yi wa kowa.

"Duba nan, ɗan'uwa. Naman da ke lanƙwasa yatsunka ba a yatsu yake ba, yana can damtse. Jijiyoyi ne ke tahowa kamar igiya su ja. Mun raba hanyarsu shiyya biyar. Daga tsakiyar yatsa zuwa kai, shiyya ta ɗaya, jijiya ɗaya ce tak a wurin. Daga tsakiyar yatsa zuwa wannan layin na tafin hannu, ta biyu. Tsakiyar tafi ta uku, ramin wuyan hannu ta huɗu, damtse ta biyar. Da a ta uku ko ta biyar ka yanke, da na yi maka barka, don can akwai fili. Kai kuwa ka zaɓi ta biyu."

Ya yi murmushi. "Ban zaɓa ba, 'yar'uwa."

"A ta biyu jijiya biyu ne cikin kube ɗaya matsattse, ɗaya ma ta ratsa ta cikin ɗaya, ga wasu madaukai da ke riƙe su a jikin ƙashi kamar madaukan bel a wando. Yanzu jikinka yana zuba tabo a wurin don ya haɗa ɗinkin, kuma tabo bai san jijiya daban, kube daban ba. Idan ka bar su zaune, sai ya manne su wuri guda. Ka ja, babu abin da zai motsa. Idan kuma ka yi garaje ka damƙi wani abu, ɗinkin ya tsinke, musamman makonnin nan na farko da jijiyar ke yin laushi. Saboda haka tsakiya za mu bi. Motsi kaɗan, a hankali, a kai a kai."

Na nuna masa. Da farko ya sa lafiyayyen hannu ya naɗe kowane yatsa har ƙasa, don gaɓoɓi su saki. Sannan ya lanƙwasa su da ƙarfin kansu, a hankali, ba dunƙulewa duka ba, kamar zai riƙe kofi amma babu kofin. Sannan ya miƙe su da kansu har su taɓa robar, kada ya wuce. Duk sa'a idan yana farke. Hannu a sama don kumburi. Robar ba ta fita sai bayan mako shida, wuƙa kuwa sai bayan wata uku. Ya gwada, yatsun suka ɗan sunkuyo, na ji daɗi har raina.

Merv ya yi tsaki.

"Wai jijiyar da aka ɗinke shekaranjiya ce ake ja? Ke ko wando kika ɗinke ai ba kya hawan doki da shi ranar."

"Merv, zamanin siminti ya wuce. Ɗinkin yanzu an yi shi ne don a motsa shi."

"Ni da na ga jiya na ga yau za ki gaya wa? Duba nan." Ya ɗaga sandararren yatsansa a gaban hancina. "Wata guda ban motsa ba. Ga shi nan, yana nan daram."

"Yana nan kam. Lanƙwasa shi mu gani."

Fuskarsa ta yi ja. Tevita ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi kamar shi aka zaga. Na juya na tambaye shi ko ya gane abin da zai yi a gida, ya ce, "To, 'yar'uwa. Zan yi."

Duk mako Merv yana kawo shi, tun da mai roba a hannu ba ya tuƙi, Mele kuma tana wurin aiki. Ya daina shigowa ɗakin, yakan zauna a mota yana cin burodi mai nama a ciki yana sauraron tseren dawaki a rediyo. Ɗinkin fata ya warke tas. Tevita yakan zo da hannunsa a wanke yana ƙamshin man bishiyar turare, amma duk wanda ya zauna a motar Merv haka yake fitowa. A mako na biyu motsin bai ƙaru ba, gaɓoɓin ma sun ɗan yi tauri. Wannan ba baƙon abu ba ne, wasu tsoro ke hana su sakin jiki. Na tambaye shi, ya ce yana yi. A na uku na sake tambaya, na ce ya dube ni cikin ido. Ya dubi ƙasa ya ce yana ƙoƙari.

A mako na huɗu motar Merv ta lalace, Mele ta ɗauki hutun rabin yini ta kawo mijinta. Da na cire robar sai na ga abin da ban taɓa gani ba: danƙon filasta baƙi-baƙi a zagaye da yatsun biyu, da sawun wani abu mai faɗi a fatar. Na naɗe yatsun da hannuna, da ɗan gardama suka tafi kusan ƙasa. Na ce ya riƙe su a nan da kansa, na saki. Suka koma sama a hankali. Na kama gaɓar tsakiya na ce ya motsa kan yatsan. Na ga naman damtsensa yana ja, na ji jijiyar ta yi tauri a tafin hannu, amma kan yatsan da ƙyar ya girgiza. Ɗinkin bai tsinke ba. Mannewa ya yi.

"Tevita, wa ya sa maka filasta?"

Mele ce ta fashe.

"Gaya mata mana! In ba ka faɗa ba ni zan faɗa. Kullum da safe Baba Merv yana zuwa gida. Ya sa sandan askirim a ƙarƙashin yatsun, ya naɗe tam, ya mayar da robar a kai. Ranar zuwa wurinki ya kwance ya goge da mansa. Yau ne bai zo ba, ni na ɓare da farce."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka fara haɗuwa."

Na dubi Tevita. Wannan ƙaton mutum ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makaranta.

"'Yar'uwa, ki yi haƙuri. Dattijo ne. Ya taso tun asuba ya zo gidana don ni, ya durƙusa a gabana yana ɗaure mini hannu. In ce masa me? In ce Baba tashi, ba ka sani ba? A wurinmu ba a yin haka."

"To ni da ka ce mini to?"

"Ke ma ba zan iya ce miki a'a ba."

"Da ya tafi fa, me ya hana ka kwancewa?"

"Yakan dawo da rana ya duba. Kuma ya ce idan ta tsinke sau ɗaya, yanke yatsun za a yi. Shi abin ya taɓa samunsa. Ke kuma..."

"Ni kuma yatsuna goma lafiya lau, ko?"

Mele ta ce da shi wani abu da harshensu, da ƙarfi, ta juya baya tana share ido.

Da na tashi aiki na wuce filin wasa. Na tarar da Merv a ɗakin canza kaya yana naɗe idon sawun wani, 'yan wasa zagaye da shi. Ban jira sun fita ba.

"Merv, ka san abin da ka yi wa hannun Tevita?"

"Na cece shi. Ba sai kin gode ba."

"Jijiyoyin sun manne. Yatsun ba sa lanƙwasa."

"Sun tsinke?"

"Ba su tsinke ba, amma..."

"To kun ji!" Ya juya ga samarin yana buɗa hannu. "Da bakinta ta faɗa, ba su tsinke ba. Da na bar mata shi da yanzu suna cikin kwalba. 'Yar Keith, ki je ki yi ta karatunki. Lanƙwasawa ai a hankali take zuwa."

"Taka shekara hamsin ke nan tana hanya."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Merv ko a jikinsa. Ya yage filasta da haƙori ya ci gaba da naɗi, yana cewa 'yan boko ba su san jiki ba sai takarda. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Na fito raina a ɓace, ba don ya musa mini ba, sai don na ga a fuskokin samarin nan cewa shi suka gaskata.

Mele ce ta tsaya a ƙofa washegari ta ce wa Merv mijinta yana barci, haka jibi, haka gata, har ya gaji ya daina zuwa. Tevita kuwa ya kama aiki kamar zai kashe kansa, sai da na riƙa taka masa birki, don jijiyar ba ta yi ƙwarin da za a matsa mata ba tukuna. Da lokaci ya yi muka cire robar, muka shiga motsa kowace gaɓa ita kaɗai, muna murza tabon, daga baya muka ƙara nauyi. Gaɓoɓin suka saki sarai. Idan na naɗe masa yatsun suna taɓa tafi. Idan shi zai naɗe, su tsaya a rabin hanya. Abin da za a samu da sauƙi a makonnin farko, yanzu ko da gumi ba ya samuwa.

Bayan wata biyar Dakta Pham ta sake buɗe hannun don ta ɓamɓare tabon daga jikin jijiyoyin. Ba ta sa shi barci ba, allurar kashe wuri ta yi masa, don ya riƙa lanƙwasawa tana gani. Na zoben ya saki, ya naɗe a kan teburin tiyata har Tevita ya yi dariya. Ƙaramin kuwa ta tarar jijiyar ta zama ɗaya da kubenta, ta sirance, madaukan sun lalace. Ta yi iya yinta. Muka fara motsi tun washegari, wannan karon babu mai filasta a kusa. Na zoben ya riƙe mafi yawan abin da ya samu. Ƙaramin ya koma ya tsaya.

Wanda bai taɓa riƙe wuƙa yini guda ba zai ce ƙaramin yatsa ne kawai. Amma ƙarfin damƙa a yatsun nan biyu na ƙarshe yake, su ke kulle ƙota a tafi. Da aka gwada Tevita a mayanka, ya yi minti kaɗan lafiya, sannan wuƙar ta fara juyawa a hannunsa, ƙaramin yatsan kuma a miƙe yana neman kaifi. Shugaban ɗakin, wanda ke ƙaunarsa, ya karɓe wuƙar ya ce ba zai iya kallon wannan ba. Aka ba shi tura kwali har kwantiragi ya ƙare. Dakta Pham ta ce akwai sauran hanya, a dasa sabuwar jijiya a aiki biyu, amma abin zai ci kusan shekara, ba kuma tabbas. Takardarsa ba ta da shekara. Ba a sabunta ba.

Kulob ya yi musu walimar ban kwana ranar wata Lahadi da rana. Aka gasa naman sosej, matan tsibirai suka kawo ganyen gwaza da nama cikin madarar kwakwa, aka yi waƙoƙin coci. Na je saboda Mele ta roƙe ni. Bayan an ci, Merv ya hau kan akwatin giya ya buga kwalba da cokali. Ya yi jawabi mai tsawo, rabinsa a kan kansa. Ya ce ya ɗauki yaron nan kamar ɗan cikinsa, ya ce akwai safiyoyin da ko shayi bai sha ba don ya je ya kula da hannun nan, ya ce ba ya son ya kama suna amma da an bar shi ya ƙarasa aikinsa da yau ba ban kwana ake yi ba. Har hawaye ya yi, kuma na gaske ne. Aka tafa masa. Dale ma ya tafa.

Tevita ya tashi ya ɗauko wata lallausar tabarma da mahaifiyarsa ta saƙa, irin wadda ba a ba kowa sai babban mutum. Ya sunkuya ya ajiye ta a gaban Merv da hannu biyu, ya gode masa da katifa da tukwane da duk zirga-zirgar asibiti. Mele tana zaune kusa da ni, ta ƙura wa farantinta ido, ba ta ɗago ba.

Merv ya sauko daga kan akwatin yana share hanci, ya miƙa hannu. Tevita ya ba shi nasa na dama. Merv ya girgiza sau ɗaya, sau biyu, sai ya yamutsa fuska, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, cikin irin wasan da ya saba yi da 'yan wasa.

"Haba ɗana! Riƙe da kyau mana. Hannun namiji ne wannan ko mataccen kifi?"

Mutum biyu-uku suka yi dariya, sannan suka tuna, suka daina. Na ga naman damtsen Tevita ya ɗaure, yana ja da duk ƙarfinsa. Ƙaramin yatsan bai motsa ba.

"Yi haƙuri, Baba," ya ce. "Iyakarsa ke nan."